Yadda ake haɗa silaid uku ko huɗu da bayanansu a shafi ɗaya don bugawa

«Assalamu alaikum. Ina da PowerPoint mai silaid 36 da zan yi wa malaman firamare 40 bita da shi, kuma kowane silaid na rubuta masa bayani a ƙasa. Ina son in raba musu a takarda, silaid uku ko huɗu a shafi tare da bayanin. In na zaɓi Notes Pages sai ya ba ni silaid ɗaya a shafi, in na zaɓi 3 Slides sai bayanin ya ɓace, layuka kawai nake gani. Ina nake kuskure?»

Wa'alaikumus salam Malama. Ba kuskurenki ba ne, haka PowerPoint yake. A cikin File > Print akwai tsari iri biyu da ba sa haɗuwa. Notes Pages yana da nasa uban tsarin da ake kira Notes Master, wanda a cikinsa gurbin hoton silaid ɗaya ne tak, da gurbin bayani ɗaya. Su kuma 2 Slides, 3 Slides, 4, 6 da 9 suna ƙarƙashin Handout Master, wanda sam ba shi da gurbin bayani. Layukan nan da kike gani a gefen 3 Slides an zana su ne don mai sauraro ya yi rubutu da biro. Ko kin kwana kina laluben maɓallin da zai zuba bayaninki a kansu ba za ki same shi ba, domin babu shi. Dole aikin ya fita daga PowerPoint ya ƙarasa a wani wuri, ko dai a Word ko a PDF. A irin naki aikin Word na fi ba ki shawara, zan kuma faɗi dalili, amma akwai gyaran da ya kamata ya riga komai.

Ki fara da kwafi

Ki yi File > Save As ki ba fayil ɗin sabon suna, misali ki ƙara masa "na bugawa" a ƙarshe. Duk gyaran da ke tafe a kan wannan kwafin za a yi shi, na asali ya zauna yadda yake don ranar majigi.

Abu na farko, ki karanta bayanan ɗaya bayan ɗaya da idon wanda za a miƙa wa takardar. Abin da mutum ya rubuta wa kansa daban yake da abin da zai ba mutane su tafi da shi gida. Irin su "a nan ki tsaya ki yi tambaya", "kada a wuce minti biyar", ko amsar aikin da za a ba su a zaure, duk a cire. Sau da yawa a nan ake jin kunya, a raba takarda sannan a ga amsar jarrabawar gwaji tana zaune a shafi na bakwai. Silaid ɗin da kika ɓoye da Hide Slide, da na "barka da zuwa", da na hutun shan shayi, da na "mun gode", ki goge su gaba ɗaya daga kwafin. Kowanne gurbi yake ci a takarda ba tare da ya ba mai karatu komai ba.

Na biyu, motsi. Idan akwai silaid da hotuna ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna hawa kan juna, a takarda duk za su fito lokaci guda, na sama ya rufe na ƙasa. Ki danna silaid ɗin ki yi Ctrl+D ya zama biyu ko uku, kowanne ki bar masa mataki ɗaya, ko kuma ki jera hotunan gefe da gefe. Bidiyo kuwa hotonsa na farko kawai zai fito, wanda galibi baƙi ne ƙirin, don haka gara ki sa jimla guda da ke faɗin abin da ke cikinsa.

Na uku, launin bango. Silaid mai bango shuɗi mai duhu da farin rubutu yana da kyau a allo, amma a takarda tawada yake sha, in kuma an kai shi injin fotokofi sai ya dawo kamar an shafa gawayi, ƙananan haruffa su nutse. Idan daga PowerPoint kai tsaye ake bugawa, zaɓen Grayscale a maimakon Color yakan mayar da bangon fari, rubutun ya koma baƙi. Amma hanyar Word ba ta san da wannan zaɓin ba, yadda silaid yake haka za ta ɗauke shi. Saboda haka ki shiga View > Slide Master, ki danna babban silaid ɗin da ke can sama, ki yi Background Styles ki zaɓi fari. Rubutun da ke bin launin tsarin zai juya da kansa ya zama mai duhu. Wanda kika sa wa fari da hannu ba zai juya ba, zai ɓace a kan farin bango, sai kin bi silaid ɗin ɗaya-ɗaya kin gyara. Ki lura da jadawalin da aka bambanta da launi kawai, ja da kore misali: a baƙi da fari kusan toka ɗaya suke zama, sai a rubuta sunan kowanne a jikinsa.

Tsawon bayani ne ke yanke yawan silaid a shafi

Kafin a taɓa Word, ga lissafin da komai ya rataya a kai. Takardar A4 faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Idan aka bar gefe na santimita 1.5 hagu da dama, saura 18. A tsaye kuma, bayan gefe da wurin lambar shafi, abin da zai rage bai fi 25 ba. Silaid na zamani mai faɗi, wato 16:9, in aka sa faɗinsa santimita 8, tsayinsa zai zama 4.5. To a hoto kaɗai, biyar ma za su shiga shafi. Matsalar tana ga bayanin da ke gefensa.

Gurbin bayani mai faɗin santimita 8 da ɗoriya, da rubutu mai girma 10, yana ɗaukar kalmomin Hausa kamar takwas a layi, kowane layi kuma yana cin kusan santimita 0.42. In kika raba shafi huɗu, kowane silaid ya samu santimita 6 da 'yan kai, wato layi goma sha huɗu, kalmomi ɗari ko sama da haka kaɗan. In kika raba uku, ya samu santimita 8, layi goma sha tara, kalmomi kamar 140 zuwa 150. Bayanin da ya kai kalma 200 zai ci fiye da santimita 10 shi kaɗai, kusan rabin shafi. Don haka ba a cewa "huɗu nake so" tun daga farko. A duba bayanin, shi zai faɗi abin da zai yiwu.

Akwai kuma ɗaya gefen. Silaid na 16:9 asalin faɗinsa santimita 33.87 ne. Mayar da shi 8 na nufin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Rubutu mai girma 24 a silaid zai fito kamar girma 6 a takarda, wanda da ƙyar ake karantawa, mai girma 18 kuwa zai koma kamar 4, sai dai a gane siffarsa. Ga kanun magana da hotuna wannan ba damuwa, tunda bayanin na gefe. Amma silaid da ke ɗauke da jadawalin lambobi, ko samfurin tsarin darasi da ake son malamai su kwafa, ba zai karantu a haka ba. Irin waɗannan ki ware su tun yanzu, za mu ba su girma na musamman.

Hanyar Word

Ki rufe duk wata takardar Word da ke buɗe, ki adana kwafin PowerPoint ɗin. Sai File > Export > Create Handouts, ki sake danna maɓallin Create Handouts da ke dama. A PowerPoint 2010 yana ƙarƙashin File > Save & Send. Akwatin Send to Microsoft Word zai buɗe da zaɓi biyar. Wanda kike nema shi ne na farko, Notes next to slides. Notes below slides silaid ɗaya yake ba wa shafi, kin koma gidan jiya ke nan. Masu Blank lines kuwa layukan rubutu ne ba bayani.

A ƙasa akwai Paste da Paste link. Paste link yana ɗaure hotunan da fayil ɗin PowerPoint, ta yadda in kin gyara silaid hotonsa a Word zai iya sabuntawa. Amfaninsa bai kai yadda ake zato ba: rubutun bayanin ba ya sabuntawa, sabon silaid da kika ƙara ba ya shigowa, in kuma aka canza wa fayil ɗin suna ko aka kai takardar wata kwamfuta, igiyar ta tsinke. Tunda kin gama gyara kafin ki zo nan, ki zaɓi Paste ki danna OK.

Daga nan ki ɗauke hannu daga kwamfutar. PowerPoint yana kwafar silaid ɗaya-ɗaya yana mannawa a Word, ta irin hanyar da Ctrl+C da Ctrl+V ke bi. In kika je kika kwafi wani abu a tsakiyar aikin, ko kika shiga danne-danne a Word, yana iya tsayawa ko ya manna abin da ba shi ba. Silaid 36 yakan ɗauki 'yan mintuna a laftof mai matsakaicin ƙarfi. Idan ya tsaya ya ce PowerPoint couldn't write to Microsoft Word, yawanci nauyi ne ya yi masa yawa, ko wata Word ta maƙale a ɓoye. Ki kashe kwamfutar ki kunna, ki sake gwadawa ba tare da buɗe komai ba. In ya ƙi, ki danna wani hoto a PowerPoint, ki shiga Picture Format > Compress Pictures, ki cire alamar Apply only to this picture, ki zaɓi 150 ppi, wanda ya wadatar ga hoton da zai ƙare a santimita 8. In har yanzu ya ƙi, ki raba fayil ɗin biyu, silaid 18 kowanne, ki fitar da su daban, ki haɗa a Word.

Abin da zai fito tebur ne mai gida uku a tsaye: lambar silaid, hotonsa, bayaninsa, galibi silaid uku a shafi. Kada ki buga shi a haka, ɗanye ne. Ki fara adana shi, sannan ki bi gyaran a wannan jerin, domin in kika juya shi za ki yi aiki biyu.

Ki fara da takarda: Layout > Size > A4. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu an saita su da Turancin Amurka, sai Word ya buɗe da Letter, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma gaza ta tsawo da kusan santimita biyu. In kika shirya komai a Letter aka buga a A4, jeri na ƙarshe na iya tsallakawa shafi na gaba ko a bar fili a ƙasa. Sai Layout > Margins > Custom Margins, ki sa 1.5 cm ko'ina. In za a ɗinke takardun ta gefe da ƙarfe ko roba, ki ba hagu santimita 2.

Sai nauyin fayil. Hotunan nan da kike gani kowanne silaid ne sukutum aka cusa a Word, in kin danna shi sau biyu zai buɗe kamar a PowerPoint. Shi ya sa fayil ɗin yake kumbura ya fi na asali, Word ya riƙa jan ƙafa. Ki yi Ctrl+A, sannan Ctrl+Shift+F9. Wannan zai mayar da su hotuna zalla. Ki adana, za ki ga nauyin ya sauka.

Yanzu teburin. Gidan farko da ke cewa Slide 1, Slide 2 fili yake ci a banza. Ki haskaka gidan, ki yi Ctrl+H, a Find what ki rubuta Slide da tazara ɗaya a bayansa, Replace with ki bar shi wayam, ki danna Replace All, in ya tambaya ko ya ci gaba da sauran takardar ki ce a'a. Lambobi kaɗai za su rage. Kada ki goge gidan gaba ɗaya, lambar nan ita za ta ba ki damar cewa "ku duba silaid na 14" kowa ya samu. Ki danna dama a cikin teburin, Table Properties > Column, ki sa gidan lamba 1.2 cm, na hoto 8.3 cm, na bayani 8.5 cm. Jimla 18 ke nan.

Hotunan kuma sai an daidaita girmansu. Ana iya bin su ɗaya-ɗaya, amma sau 36 akwai gajiya, kuma hannu ba ya fitar da su daidai wa daida. Ki danna Alt+F11, Insert > Module, ki manna wannan, ki danna F5:

```
Sub DaidaitaHotuna()
    Dim h As InlineShape
    For Each h In ActiveDocument.InlineShapes
        h.LockAspectRatio = msoFalse
        h.Width = CentimetersToPoints(8)
        h.Height = CentimetersToPoints(4.5)
    Next h
End Sub
```

In silaid ɗinki tsohon zubi ne mai 4:3, ki mayar da 4.5 ya zama 6, in ba haka ba fuskokin mutane za su baje. Ki gudanar da shi kafin ki sa tambarin makaranta ko wani hoto a jikin takardar, domin duk hoton da ya tarar a cikin rubutu zai mayar da shi wannan girman. Bayan ya gama ki goge rubutun daga tagar ki rufe ta, don Word ya adana takardar ba tare da ƙorafi ba.

Sai ki haskaka gidan bayani ki sa girma 10. In akasarin mahalarta manya ne masu sa tabarau, 11 ya fi, ko da zai ƙara shafi ɗaya. Ƙasa da 9 kada ki sauka, musamman in fotokofi za a yi, domin ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ita ce farkon abin da ke narkewa, "ƙasa" ta koma "kasa". Ki duba ma ko haruffan nan sun fito da siffa ɗaya da sauran. In kin ga sun fi sauran kauri ko sun karkace, nau'in rubutun ba shi da su, Word ya aro daga wani. Arial ko Times New Roman na Windows na yanzu suna da su.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ke sa huɗu su shiga. Ki haskaka teburin duka, Table Properties > Row. In akwai alama a Specify height ki cire ta, don kowane jeri ya ɗauki tsayin da abin cikinsa ke buƙata. Ki kuma cire alamar Allow row to break across pages, don kada hoton silaid ya zauna a ƙasan shafi, rabin bayaninsa ya tafi shafi na gaba. In hotunan sun manne da juna, ki shiga Table > Options a wannan akwatin ki sa 0.2 cm a Top da Bottom. Daga nan Insert > Page Number, da sunan bitar a saman shafi.

Mu ɗauka a cikin 36 ɗin nan, 31 bayaninsu bai wuce kalma 60 zuwa 90 ba, biyar kuma sun kai 200. Yadda za ki sani: ki haskaka bayanin a Word, adadin kalmomin zai bayyana a ƙasan taga ta hagu. Gajerun za su ci kamar santimita 5 da ɗoriya kowanne, huɗu a shafi cikin walwala. Dogayen biyar za su ci kusan 11 kowanne, shafin da suka faɗo zai ɗauki uku. Gaba ɗaya za ki tashi da shafi goma ko kusa da haka. A buga gaba da baya, takarda biyar ga mutum ɗaya, 200 ga mutum 40, bai kai rabin rim ba. Da Notes Pages kika bi a fuska ɗaya, takarda 1,440 ce, rim uku saura kaɗan. Kada rashin daidaiton shafukan ya dame ki, wani huɗu wani uku. Mai karatu bai damu ba, abin da ke damunsa shi ne bayani ya rabu da hotonsa.

Silaid masu jadawalin da kika ware kuma, ki haɗe gidan hoto da na bayani a jerinsu da Merge Cells, ki ja hoton ya kai santimita 16, bayanin ya sauka ƙarƙashinsa. A wannan girman rubutu mai 18 zai fito kamar 8 da rabi, ana karantawa. Wannan sassaucin shi ne babban dalilin da ya sa na fifita Word: kowane silaid ana ba shi gwargwadon abin da ya cancanta. Inda ta gaza shi ne, rubutun bayani take kwasowa. In kin taɓa shiga View > Notes Page kin manna hoto ko zane a ƙarƙashin silaid, sai kin kwaso shi da hannu. Kuma in kin canza wani abu babba a PowerPoint bayan kin gama, gyaran hannu ne ko sake aiki daga farko.

In babu Create Handouts, ko lokaci ya ƙure

PowerPoint na Mac da wanda ake buɗewa a burauza ba su da wannan maɓallin. Haka Google Slides. A nan hanyar PDF ce mafita, ita ce kuma ta gaggawa ko a Windows. A fitar da shafukan bayani a matsayin PDF, silaid ɗaya a shafi, sannan a sa manhajar PDF ta jera shafi biyu a fuska ɗaya. A PowerPoint na Windows: File > Save As, ki zaɓi PDF, ki danna Options, a Publish what ki zaɓi Notes pages. A na Mac da na burauza kuma, ta File > Print ake zaɓar shafukan bayanin a adana su a matsayin PDF. A Google Slides: File > Print preview, ki zaɓi 1 slide with notes, sai Download as PDF. Ki buɗe shi a Adobe Acrobat Reader, Ctrl+P, ki danna Multiple, a Pages per sheet ki sa 2, ki sa alama a Print page border don a ga iyakar kowanne.

Tarkon wannan hanyar ƙanƙancewa ne. Shafi biyu a fuska ɗaya na mayar da komai kashi 71 cikin ɗari, huɗu kuma rabi cif. Bayanin PowerPoint a girma 12 yake zuwa, don haka a biyu zai koma 8 da rabi, a huɗu ya koma 6. Maganin shi ne a ƙara girman tun daga tushe. Ki shiga View > Notes Master, ki rage hoton silaid ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku na saman shafi, ki ja akwatin bayani ya cike sauran, ki sa rubutunsa 16. A biyu zai fito kamar 11. In huɗu kike so sai kin kai 20 kafin ki samu 10, kuma a girma 20 dogon bayani ba zai shiga shafi ɗaya ba. Shi ya sa a ganina wannan hanyar ta biyu-biyu ce kawai. A naki lissafin fuska 18 ke nan, takarda tara ga mutum, 360 gaba ɗaya, kusan ninkin ta Word, kuma silaid mai bayanin layi biyu zai ci fili daidai da mai layi ashirin.

Abu biyu ke ba mutane mamaki a nan. Wani lokaci an gyara Notes Master amma wasu shafukan sun ƙi bi, saboda an taɓa gyara su da hannu a baya. Ki je shafin a View > Notes Page, ki danna dama a farin wuri, Notes Layout, ki sa alama a Reapply master. In girman rubutun ne ya ƙi, ki haskaka shi ki yi Ctrl+Spacebar. Na biyu, bayanin da ya fi ƙarfin akwatinsa: ya danganta da zubin PowerPoint ɗin, ko ya malala zuwa ƙarin shafi, ko ƙarshensa ya yanke. Ki ƙirga shafukan PDF ɗin. In sun haura yawan silaid, wani ya malala, kuma zai gurɓata jerin biyu-biyun daga nan har ƙarshe. In sun yi daidai, ki duba jimlar ƙarshe ta dogayen bayanan ki tabbata tana nan.

Wanda ke son tsarin Word alhali ba shi da maɓallin, yana iya fitar da silaid ɗin a matsayin hotunan PNG, ya gina teburin da hannu, ya kwafo bayanan. PowerPoint na Windows yana fitar da hoton 16:9 a 1280 da 720, wanda a faɗin santimita 8 ya wuce abin da firinta ke buƙata. Aiki ne na awa ɗaya ko biyu ga silaid 36, amma sakamakon ɗaya ne.

A shagon bugawa

Kowace hanya kika bi, PDF za ki kai, ba fayil ɗin Word ba. A Word: File > Save As, PDF. In kika kai Word, kwamfutar shagon za ta sake jera shafukan da nata haruffan da tata firintar, shafi goma su zama goma sha biyu, haruffa masu ƙugiya kuma su iya komawa akwatuna. Ki ce a buga kwafi ɗaya tukuna, a Actual size, ki riƙe shi a nisan da mutum ke karatu a zaune, ki duba ƙaramin rubutun da ke cikin silaid, da jadawalai, da shafi na ƙarshe. In daga wannan kwafin za a yi fotokofin sauran, ki ce a yi gwajin guda ki gani, domin launin toka mai haske yakan ɓace a fotokofi, mai duhu kuma ya ƙara duhu.

Wajen gaba da baya, takardar Word a tsaye take, sai a zaɓi Flip on long edge. Ta PDF mai biyu-biyu a kwance take fitowa, ita Flip on short edge take so in za a maƙale ta ta hagu a riƙa buɗewa kamar littafi. In aka juya su, bayan kowace takarda zai fito kai a ƙasa, kuma galibi ba a lura sai an gama duka 40 ɗin. Ki sa a ƙara kwafi huɗu ko biyar a kan adadin, har da naki wanda za ki riƙe a hannu, don lambar shafin da za ki kira ta zama ita ce a gabansu.